Daidaita takardar aikin malami da gurbin da makaranta ta buɗe

"Assalamu alaikum malamai. Ina Tahoua, ina da lisans na fizik, shekara 6 ina koyar da lissafi da fizik a kolejin gwamnati a matsayin ɗan kwantiragi. Wata makarantar kuɗi a Yamai na neman malamin lissafi na tarwaziyam da sagwand, wanda zai kuma zama uban aji. Yaya zan tsara sebe ɗina? Sau biyu ina aikawa wasu makarantu, ko kira ba a yi mini ba."

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa sebe ɗinka, wato takardar tarihin karatunka da aikinka, ɗauki sanarwar neman malamin ka ja layi ƙarƙashin abu huɗu: lissafi, tarwaziyam, sagwand, uban aji. Darakta ko sansar da zai duba takardun yana da jadawalin darussa a gabansa da ramuka a ciki, abin da zai toshe su yake nema. In ya karanta rabin shafin farko bai gan shi ba, ya wuce zuwa na gaba. Mafi yawan malamai kuwa da wurin haihuwa da makarantar firamare suke cika wannan rabin shafin.

Matsalarka ta farko ita ce sunan difuloma. Suna neman lissafi, takardarka ta ce fizik. Idan lisans ne a sama, an riga an ajiye ka cikin malaman fizik. Don haka layin da ke ƙarƙashin sunanka ya zama na aiki: malamin lissafi a koleji, shekara 6. Sai ka raba awoyinka. In a sati kana yin awa 20, 15 na lissafi 5 na fizik, rubuta haka, domin "lissafi da fizik" kawai ba ya nuna wanne ne babban aikinka. A wajen difuloma, ƙara layi ɗaya na darussan lissafin da ka ci a jami'a, ka haɗa da takardar makinsu. In kana da takardar horon koyarwa ta makarantar horar da malaman sakandare ta Jami'ar Abdou Moumouni, ita za ta hau saman lisans, don ita ce ke cewa an koya maka riƙe aji.

Sai matakin aji. Kada ka rubuta "daga siziyam zuwa tarwaziyam" dunƙule. Wanda ya yi shekara biyar a siziyam da shekara ɗaya a tarwaziyam ma haka zai rubuta. Jera shi shekara-shekara: wace shekarar karatu, wane aji, ɗalibai nawa. Tarwaziyam ajin jarrabawar bepese ne, kuma makarantar kuɗi da sakamakon bepese take samun ɗaliban baɗi, saboda haka yawan shekarun da ka riƙe shi ya fito fili.

Sagwand fa? Daga tambayarka na fahimci ba ka taɓa riƙe ajin lise ba. Kada ka ƙirƙira. Za a iya ba ka alli a ce ka yi darasin gwaji na minti 30, sansar na zaune a bencin baya, nan take a gane. Faɗa da kanka a wasiƙar neman aikin cewa ba ka riƙe shi ba tukuna, amma ka san abin da ɗan tarwaziyam ke shigowa da shi da inda yake tuntuɓe, kuma a shirye kake ka yi gwaji. Ka tambaya kuma ko sagwand A ce ko C, domin zurfin lissafin da yawan awoyinsa ba ɗaya ba ne.

Inda na fi so ka zauna da kyau shi ne sakamako, don nan ne takardu masu kyau ke lalacewa. Ana yawan rubuta "ɗalibaina sun ci da kashi 80 cikin 100". Wanda ya san aiki zai tambaya: cikin mutum nawa? Kuma cin bepese ba na malamin lissafi ba ne shi kaɗai, akwai hannun na Faransanci da na tarihi da sauransu a ciki. A ce ajinka ya fara shekara da ɗalibai 62, 58 suka zauna jarrabawa, 31 suka ci. Rubuta lambobin uku duka. 31 cikin 58 kashi 53 ne. Ba ya ɗaukar ido kamar 80, amma lambobin uku na nuna mutum huɗu kawai suka zube a hanya. Ajin da aka tsame raunana kafin jarrabawa yana iya kawo kashi 80, kuma daraktoci sun san wannan dabarar. In makarantarku gaba ɗaya ta samu kashi 40 a wannan shekarar, sa shi kusa da naka, shi ne ma'aunin da zai ba 53 ɗinka daraja.

Bayan haka kawo abin da yake naka kai kaɗai: makin lissafi. Misali, a jarrabawar farkon shekara mutum 14 suka kai 10 bisa 20, a jarrabawar gwaji ta kafin bepese suka zama 29. Ka fi dogara da jarrabawar da wani ya tsara ko ya gyara. Makin da kai ka shirya tambayoyin, kai ka gyara, ba hujja ba ne a wurin wanda bai san ka ba. Ka faɗi yawan masu maimaita aji a ciki, don wanda ya zo karo na biyu ya riga ya ga manhajar. Duk lambar da ka rubuta, ka tabbata tana cikin rajistan makarantarku, domin kiran waya ɗaya ya isa a bincika. Kafin ka bar Tahoua ka karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi wadda ta ambaci darasi da ajujuwa, ba shekaru kaɗai ba. Kada sunan ɗalibi ko ɗaya ya shiga takardarka.

Game da uban aji, "ina son yara, ina da haƙuri" ba ya gamsar da kowa. Aikin sananne ne: haɗa makin malamai, fitar da muwayan, cika biltan, gabatar da aji a taron malamai, bin sawun masu fashi tare da sirbeyan, kiran iyaye. Rubuta wanda ka yi da yawansa: uban ajin katiriyam shekara 2, ɗalibai 70, ganawa da iyaye sau uku a shekara. In ka taɓa zuwa gidan yaron da ya daina zuwa saboda yana shirin tafiya bida, ko yarinyar da ake batun cire ta, har suka dawo aji, wannan ya cancanci layi guda. A Yamai damuwar za ta ɗan sauya: iyayen da suka biya kuɗi suna son a sanar da su tun makin ɗansu bai faɗi ƙasa ba, don haka nuna yadda kake sanar da iyaye da kuma lokacin da kake yi.

Akwai abin da sanarwa ba ta cika faɗa ba. Makarantun kuɗi da yawa suna aiki da malaman da ake biya bisa awa, su yi darasi su hau babur zuwa wata makarantar. Uban aji kuwa dole a same shi a harabar makaranta. Adireshinka na Tahoua zai sa su yi shakka, wataƙila ma shi ya hana a kira ka a baya. Rubuta ƙarara ranar da za ka kasance a Yamai, kafin komawa makaranta a watan Oktoba, da cewa cikakken lokaci kake nema, da yadda za ka yi da kwantiraginka na yanzu. Shafi biyu sun isa, da Faransanci mai tsabta. Ba wa malamin Faransancinku ya duba maka kafin ka buga.