Ribar tsohuwar mota bayan gyara, la'ada da takardu

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na samu Corolla a nan Kumasi a kan sidi 68,000, injinta ya buga. Fita ya ce gyara zai ci kamar 20,000, kuma irinta ana sayarwa 110,000. Ashe ribar 22,000 ke nan? Don Allah masana ku ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lissafin nan naka ya tsallake dillalai biyu da takardu, kuma a wannan sana'a ta nan riba take zurarewa. Na daɗe ina sayen irin waɗannan motoci ina kai su gyara Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci a Kumasi, don haka bari in jera maka kuɗin yadda suke fita, da alƙaluma na misali waɗanda za ka maye da farashin da ka tarar a kasuwa.

Wanda ya nuna maka motar zai karɓi la'adarsa, a ce 2,000, kuma tunda ba ta tashi sai an jawo ta zuwa gareji, a ce 800. Injin da aka ciro daga motar waje zai iya cin 14,000, kuɗin hannun fita 2,500, gyaran jiki da fenti 6,000. Motar da ta daɗe a ajiye kuwa ba ta rasa mataccen batir, busassun tayoyi da ƙafafun da suke ƙara, wanda na sa wa 4,500. Gyaran da aka ce maka 20,000 ya zama 27,000, ba don fita ya yaudare ka ba, kuma ko a haka giya da na'urar sanyaya mota ba sa cikin lissafin, domin ba a sanin lafiyarsu sai inji ya tashi an hau titi. Idan aka ƙara 2,500 na canjin suna, takardar shaidar lafiyar mota da inshora, uwar kuɗinka ta kai 100,300.

Kuɗin da ake ambata a kasuwa farashin tayi ne, kuma mai saye zai rage. A ce an daidaita a kan 108,000, dillalin da ya kawo shi ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, wato 5,400. Abin da ya shigo hannunka 102,600 ne, ribarka 2,300, tun kafin a cire kuɗin wanki da na wurin ajiya. Ka yanke maganar la'ada da dillali tun kafin ya fara tallar motar, a gaban shaida, domin wasu suna ɗora nasu a kan farashinka sannan su dawo su nemi la'ada, motar ta yi tsada a idon masu saye ta kwana a hannunka watanni, alhali kuɗin kayan gyara da na motar da za ka saya a gaba suna bin dala.

Takardu su ne abin da na fi so ka tsaya a kai. Kafin ka biya ko sidi ɗaya, ka duba lambar shasi da ke jikin motar da idonka, ka gwada ta da wadda ke cikin takardun rajista da na kwastan, sannan ka je ofishin DVLA, hukumar rajistar motoci, da kanka a duba fayil ɗinta. Motoci masu araha da yawa sun bi ta hannu uku ko huɗu ba a canza suna ba, wanda yake sayar maka ba shi ne mai sunan da ke takarda ba. Canjin suna yana buƙatar mai sunan, da katinsa na Ghana Card, kuma idan ya yi tafiya ko ya rasu, za ka gyara mota tsaf ka rasa mai sayenta da daraja, domin duk mai hankali zai rage maka kuɗi mai yawa saboda wannan matsala. Ni ba na sayen motar da ba a iya kawo mini mai sunanta, kome arharta. Ka riƙe rasidin injin da ka saya mai ɗauke da lambarsa, kuma a wajen fenti ka bar mata launinta na asali, tunda launi yana rubuce a takarda, canza shi wani aiki ne da wani kuɗi a DVLA.

Saboda haka ka fara lissafi daga ƙarshe. Daga 108,000 ka cire la'adar sayarwa 5,400, gyara 27,000, takardu 2,500, dillalin saye da jan mota 2,800, da ribar da kake so, a ce 10,000. Abin da ya rage 60,300 ne, kuma shi ne iyakar abin da ya kamata ka taya. Idan mai motar ya tsaya a kan 68,000, ka bar masa ita.