Ta ina zan fara taƙaitaccen bayanin rahoto idan manaja ba shi da lokaci?

Tambaya: Ina aiki a sashen gudanarwa na wani kamfani. An sa ni nazarin yadda za a rage kuɗin da muke kashewa kan wutar janareta. Na rubuta rahoto mai shafi 28 da taƙaitaccen bayani mai shafi biyu, amma manaja ya dawo mini da shi, ya rubuta a gefe: "To, me kake so a yi?" Shawarata tana shafi na 26. Yaya zan gyara?

Amsa: Malam, abin da ka rubuta tarihin bincikenka ne, ka bi shi daki-daki kamar yadda ka yi aikin: dalili, hanya, sakamako, sannan shawara a can ƙarshe. Shi kuwa manaja hukunci zai yanke, kuma mai yiwuwa a waya zai karanta, tsakanin taro da taro. Don haka ka ɗauko abin da ke shafi na 26 ka mai da shi jimlar farko ta shafin farko. Sojojin Amurka ma haka ƙa'idar rubutunsu ta aiki take: kan magana a farko, bayani ya biyo baya.

Jimlar nan ta farko ita ce mafi wuya, don haka bari mu daɗe a kanta. Abu huɗu za ta ɗauka: me za a yi, nawa zai ci, me za a samu, da kuma ranar da ake buƙatar amsa. A ce, alal misali, kamfaninku yana kashe naira miliyan 1.8 a wata kan man dizal, kuma ka auna hanyoyi uku: a ci gaba da janareta, a koma sola gaba ɗaya kan miliyan 72, ko a haɗa sola da janareta kan miliyan 36. Ga yadda mutane da yawa ke buɗewa:

"Wannan rahoto ya yi nazari kan matsalar wutar lantarki a kamfanin tare da duba hanyoyin da za a iya bi don magance ta."

Ba ƙarya a ciki, amma ba ta gaya wa manaja abin da bai sani ba, shi ne ma ya sa ka aikin. Gwada wannan:

"Ina ba da shawarar a amince da kashe naira miliyan 36 don sanya sola da za ta yi aiki tare da janaretanmu. Kuɗin dizal zai sauko daga miliyan 1.8 zuwa dubu 600 a wata, kuɗin da aka zuba zai dawo cikin wata 30. Ana buƙatar amincewa kafin ƙarshen wannan wata, domin farashin da ɗan kwangila ya bayar na kwana 30 ne."

Ko da wayarsa ta yi ƙara ya tsaya a nan, ya san abin da ake nema a wurinsa. Ka lura da kalmar aikin: "a amince da kashe". Kalmomi irin su "a duba yiwuwar", "a yi la'akari da", "a ƙara ƙaimi" ba shawara ba ne, kwana-kwana ne, domin babu mai iya sa hannu a kansu. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: idan manaja zai iya rubuta "na amince" ko "ban amince ba" a ƙarƙashin jimlar kuma kowa ya san aikin da zai kama gobe da safe, to ta yi.

Na san akwai masu jin nauyin yin haka. Mun taso ba a faɗa wa babba buƙata tun ba a gaisa ba, sai mutum ya ji kamar yana ba maigida umarni. Gaisuwa da ban girma wurinsu wasiƙar da za ta raka rahoton. A cikin taƙaitaccen bayanin kuwa, "ina ba da shawarar" ta wadatar wajen ladabi, tunda hukuncin yana hannunsa.

Bayan shawara sai hujja, kuma kada ta wuce uku. Zaɓi waɗanda idan aka cire ɗaya shawarar za ta girgiza. A misalinmu: ragin miliyan 1.2 a wata, wato miliyan 14.4 a shekara. Yawancin aikin kamfanin da rana ake yi, lokacin da farantan sola ke ba da wuta. Sannan janareta zai huta, kuɗin gyara ya ragu. Kowane adadi ka sa lambar shafin da lissafinsa yake, kamar "shafi na 14", don wanda ke son ya bincika. Yadda ka tattara bayanai da mutanen da ka tattauna da su, bar su a cikin rahoton.

Sai hanyoyin da ka ƙi, layi ɗaya kowacce. Manaja mai wayo zai tambaya, don me ba za a koma sola gaba ɗaya ba? Ka riga shi: tana cin miliyan 72, kuɗin ba zai dawo ba sai bayan wata 40. Ci gaba da janareta kuma miliyan 21.6 ne duk shekara.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen haɗari. Mai rubutu ya ƙwallafa rai kan shawararsa, sai ya tura aibinta shafi na 22 yana fatan ba za a gani ba. Akanta zai gani, kuma a gaban taro zai tono shi. Faɗe shi da bakinka, tare da maganinsa: lokacin hazo da damina wutar sola tana raguwa, shi ya sa aka bar janareta, batura suna da wa'adi, ka faɗi ko an sa kuɗin canza su a lissafi ko ba a sa ba, idan farashin dizal ya faɗi, wata 30 ɗin nan za su ƙaru. Wannan na ƙarshe ka ba shi adadi: idan ragin ya koma miliyan ɗaya a wata, sai bayan wata 36. Manaja ya fi yarda da adadin da ya ga an riga an matsa shi.

Layin ƙarshe shi ne mataki na gaba: wa zai yi me, kuma yaushe. Misali, idan an amince, sashen kuɗi zai biya kason farko, ɗan kwangila ya fara aiki a mako na gaba.

Duk wannan shafi ɗaya ne, kalmomi 250 zuwa 300. Kada ka rage girman rubutu don ka cusa shafi biyu cikin ɗaya. Kuma ka rubuta shi bayan ka gama rahoton, da sababbin jimloli. Yanko sakin layi daga kowane babi a liƙa shi ke mayar da kai ga tsarin da ya sa aka dawo maka da takardar.

Kafin ka miƙa, gwada kowane adadi da na cikin rahoton. Idan taƙaitawa ta ce miliyan 36 amma jadawalin shafi na 14 ya ce 38, maganar sola ta ƙare, taron zai koma kan lissafinka. Sannan ka ba abokin aiki wanda bai san batun ba ya karanta na minti ɗaya, ka karɓe takardar, ka tambaye shi me ake so manaja ya yi, nawa ne, zuwa yaushe. Duk abin da ya kasa amsawa cikin ukun nan, ka koma jimlar farko ka gyara shi a can.