Giɓin histogiram da ratsi-ratsi a sama: me suke nunawa game da gyaran hoto?

Tambaya: Ina aikin tace hotuna a wata ƙaramar mujalla a Jos. Wani mai ɗaukar hoto ya aiko mini da hoton duwatsun Shere, ya ce bai taɓa shi ba. Da na buɗe histogiram sai na ga giɓi-giɓi kamar haƙoran mataji, an tara fari a gefen dama, kuma sararin sama ya yi ratsi-ratsi. Shin wannan hujja ce cewa an yi wa hoton gyara mai yawa?

Amsa: Malama, alamomin nan uku ba su da nauyi ɗaya, kuma wadda ta fi ƙarfi a cikinsu ita ce giɓin, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Hoton da aka saba aikawa mai bit 8 ne, wato kowane launi daga cikin ja da kore da shuɗi yana da matakan haske 256, daga 0 wanda shi ne baƙi ƙirin zuwa 255 wanda shi ne haske mafi ƙarfi. Histogiram ƙidaya ce kawai ta yawan fiksel da ke kan kowane mataki. Hoton da ya fito daga kyamara kai tsaye yakan cike matakan da ke tsakanin duhunsa da haskensa ba tare da tsallake ba, saboda hasken duniya a hankali yake sauyawa, kuma ɗan dishi-dishin da kyamara ke haifarwa yana watsa fiksel zuwa matakan da ke maƙwabtaka.

Mu ɗauki hoton duwatsu da aka ɗauka a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya lulluɓe Jos. Hazo yana rage tazarar da ke tsakanin duhu da haske, saboda haka mu ƙaddara cewa hoton ya fara daga mataki na 40 ya tsaya a na 200, wato matakai 161 ke nan. Idan mai hoton ya buɗe Levels, kayan daidaita haske a manhajar gyaran hoto, ya ja 40 zuwa 0, ya ja 200 zuwa 255, manhajar za ta cire 40 daga kowane mataki ta ninka abin da ya rage da kusan 1.59, sannan ta mayar da shi cikakkiyar lamba. Mataki na 41 zai koma 2, na 42 ya koma 3, na 43 ya koma 5, na 44 ya koma 6, na 45 ya koma 8. Kin ga ke nan babu fiksel ko ɗaya da zai faɗa kan 1 ko 4 ko 7. An raba matakai 161 a gurabe 256, dole gurabe 95 su zauna wayam, kuma su ne haƙoran matajin da kika gani. Idan kuma an matse wani sashe maimakon a buɗa shi, matakai biyu sukan haɗu a gurbi ɗaya, sai a ga wani tsini ya yi sama fiye da maƙwabtansa. Hoton da aka murɗa da Curves, wani kayan daidaita hasken, yakan nuna duka biyun, giɓi a wani ɓangare, tsini a wani.

Kafin ki yanke hukunci, ki duba kowane launi shi kaɗai, domin histogiram ɗin haske na gaba ɗaya yakan ɓoye giɓin da ke cikin ja ko shuɗi. A Photoshop kuma, idan kika ga ɗan alwatika na gargaɗi a jikin histogiram, ki danna shi, saboda abin da ake nuna miki kafin nan ƙiyasi ne daga ƙaramin kwafin hoton. Wanda yake da manhajar ImageMagick zai iya ƙirga matakan ja da aka yi amfani da su kai tsaye:

```
magick hoto.png -channel R -separate -format %k info:
```

Idan hoton ya miƙe daga 0 har 255 amma amsar ta fito kusa da 160, to an ja shi.

Sai dai abin da giɓin ya tabbatar shi ne cewa an sauya haske bayan hoton ya riga ya zama mai bit 8, bai ce an ƙara dutse ko an goge mutum ba. Gyaran haske a hoton hazo aiki ne na yau da kullum, kuma da yawa daga masu ɗaukar hoto idan sun ce ba su taɓa hoto ba, nufinsu ba su ƙara ko cire komai ba. Inda ni nake ɗaga gira shi ne idan na zaɓi sama ita kaɗai na ga giɓi, na zaɓi duwatsu na ga babu. Wannan yana nuna an gyara sassan daban-daban, ko kuma an ɗauko saman daga wani hoton, kuma a nan ne tambaya take zama wajibi.

Tarin farin da ke gefen dama shi ne mafi rauni a cikin alamomin. Rana ta tsaka, ko ƙyallin kwanon rufi, ko farar riga a fili, duk suna iya ƙure kyamara su tara fiksel a 255 ba tare da kowa ya taɓa hoton ba. Yana fara magana ne idan ya zo tare da giɓi, ko idan tarin ya tsaya a wani mataki kamar 228 kuma babu komai bayansa. Wannan yakan nuna cewa wurin ya ƙone tun farko, aka rage haskensa daga baya don ya yi kama da gajimare, kuma idan kika duba wurin za ki same shi toka-toka, shafe, babu wani zane a cikinsa.

Ratsi-ratsin sama kuwa sau da yawa giɓin nan ne da kansa ya bayyana ga ido. Sama mai sauyawa a hankali tana hawa ne da mataki ɗaya-ɗaya, abin da ido ba ya gani, amma da an ja ta sai hawan ya koma bibbiyu ko uku-uku, iyakokin su fito fili. Ki ɗora Eyedropper, kayan da ke nuna lambar launin wuri, a gefe biyu na ratsin. Idan lambobin suna tsalle, matsalar tana cikin fayil, idan kuma suna bin juna ɗaya-ɗaya, mai yiwuwa allonki ne ke nuna ratsin. Ki kuma zuƙo hoton sosai, domin JPEG yana aiki ne da murabba'ai masu fiksel 8 a tsaye da 8 a kwance, saboda haka ratsin da gefensa ya yi kusurwa-kusurwa daga matsewar fayil ya fito, irin wadda WhatsApp ke yi wa hotuna.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe da kyau, domin yana yaudarar masu tace hotuna: histogiram mai santsi ba shaidar gaskiya ba ce. Wanda ya yi gyara daga fayil ɗin RAW, wato ɗanyen bayanin da kyamara ta ɗauka, mai bit 12 ko 14, ko ya yi aiki a bit 16 mai matakai 65,536, zai iya murɗa hoto son ransa ya fitar da shi babu giɓi ko ɗaya. Rage girman hoto, ko sake adana shi a JPEG, ko ƙara masa dishi-dishi, duk suna cike giɓin ko su rage zurfinsa. Ke nan wanda giɓi ke kamawa galibi mai gyaran gaggawa ne, gwani kuwa ya wuce.

A hotonki, giɓi tare da ratsi sun isa ki ce da tabbaci an ja hasken, kuma kina da damar gaya wa mai hoton haka cikin mutunci. Ki nemi ya turo miki fayil ɗin da ya fito daga kyamara, RAW idan akwai, tare da hotunan da ya ɗauka kafinsa da bayansa, sannan ki kwatanta surar gajimare da bakin duwatsun a cikinsu da wanda ke hannunki.