A tura mai saye wani shafi, ko ya biya a shafina?

Tambaya: Ina sayar da kaya ta intanet. Mai haɗa mini shafi ya ce in zaɓa: ko dai mai saye ya koma shafin kamfanin karɓar kuɗi ya biya a can, ko a sa gurbin rubuta lambar kati a cikin shafina. Na biyun ya fi burge ni. Akwai matsala?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin maganar burgewa, ki tambaye shi abu ɗaya: idan mai saye ya rubuta lambar katinsa, ta ina take bi?

A hanya ta farko, lambar ba ta biyowa ta wajenki ko kaɗan. Mai saye ya danna maɓallin biya, adireshin da ke saman burauza ya canja zuwa na kamfanin, ya rubuta lambarsa a can, sannan a dawo da shi. Stripe Checkout, na kamfanin karɓar kuɗi mai suna Stripe, misali ne.

Ta biyun ce ke da ruɗi, domin iri biyu ce masu kama da juna a ido. A wani irin, gurbin 'yar taga ce ta kamfanin da aka liƙa a shafinki, ana kiranta `iframe`, kamar yadda Stripe Elements yake. Abin da aka rubuta a ciki, wajen kamfanin yake tafiya kai tsaye, ke kuma a ba ki wata alama a madadin lambar. A ɗaya irin, mai haɗa shafin ne ya gina gurbin da hannunsa. Wannan nake tsoro.

A watan Agusta zuwa Satumban 2018, ɓarayi sun kutsa shafin kamfanin jiragen sama na British Airways, suka ƙara 'yan layuka a wani fayil na JavaScript, wato umarnin da shafi ke bai wa burauza ta aiwatar. Mutum ya rubuta lambar kati, tikitinsa ya fito lafiya, amma an riga an kwafi lambar an aika wani wuri. Babu abin da ya lalace a ido, shi ya sa aka yi kusan mako biyu ana kwasa. A 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20. Duk fayil ɗin JavaScript da ke shafinki, har na talla da na ƙidayar baƙi, yana iya karanta gurbin da aka gina da hannu. Burauza ba ta barin su leƙa cikin taga ta kamfani, sai dai ɓarawon da ya shiga shafinki yana iya ɗora gurbin bogi a kanta. Haka ma a hanya ta farko, yana iya karkatar da maɓallin biya zuwa shafin bogi, don haka nauyin kulle shafinki yana nan a kanki.

Ƙa'idar PCI DSS, wadda kamfanonin kati suka kafa don kare bayanan kati, ita ma da wannan ma'aunin take awo. Mai tura mutane shafin kamfani ko mai amfani da tagarsa yakan cika takardar tambayoyin tsaro mafi gajarta, SAQ A. Wanda lambar kati ke ratsa sabarsa kuwa SAQ D ce tasa, mai tambayoyi sama da ɗari biyu.

Gane irin da aka yi miki ba wuya. Ki buɗe shafin a kwamfuta, ki danna dama a kan gurbin katin, ki zaɓi `Inspect`. Idan gurbin yana cikin `<iframe>` mai adireshin kamfanin, madalla. In babu, ki ce a sake.

Shafin kamfani ma yana da tarkonsa, kuma a wajen dawowa yake. A ce mai saye ta biya, banki ya cire kuɗin, sai intanet ɗinta ta yanke kafin a dawo da ita shafin "mun gode". Idan shafinki sai an iso nan yake rubuta an biya, to odar za ta zauna a matsayin ba a biya ba, ga kuɗi sun fita, ga rigima. Akasin haka ya fi muni: wani ya rubuta adireshin "mun gode" da hannu bai biya ko sisi ba, ki aika masa kaya. Maganin shi ne saƙon da kamfanin ke aiko wa sabarki kai tsaye, wato `webhook`. A Stripe sunansa `checkout.session.completed`. Shafinki ya tantance sa hannun saƙon, ya duba cewa kuɗin da aka biya sun yi daidai da na odar, sannan ya rubuta an biya.

Ni dai da ke ce, da shafin kamfanin zan fara. Gaskiya ne wasu masu saye kan ɗan yi turus idan adireshi ya canja, amma yawancin kamfanonin suna bari ki sa tambarinki da launinki a can. Kafin ki sallami mai haɗa shafin, ku gwada tare da katin gwaji: ki biya, ki rufe burauzar kafin a dawo da ke, sannan ki duba ko odar ta nuna an biya.