Hannun Baba yana wurgi da kansa, na maƙwabcinmu kuma ya ƙi motsi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 68, yana da hawan jini da ciwon suga. Kwana goma da suka wuce ya tashi da asuba, hannunsa da ƙafarsa na hagu suna wurgi da kansu, har ya fasa gwiwar hannu a jikin bango. Yana cikin hankalinsa sarai. 'Yan'uwa sun ce iska ce. A asibiti an ce ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe a wani wuri wai shi basal gangiliya. Abin da ya ɗaure min kai, maƙwabcinmu mai cutar Fakinsan, wanda da ƙyar yake ɗaga ƙafa, shi ma wurin aka ambata masa. Yaya wuri ɗaya zai sa wani yawan motsi, ya hana wani? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da jinyar da kike yi.

Sunan ne ya ruɗe ki, domin yana sa mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Unguwa ce mai gidaje da yawa, can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kuma ba ita ke ba tsoka ƙarfi ba. Umarnin motsi daga saman ƙwaƙwalwa yake fitowa. Aikin wannan unguwa shi ne tantancewa: wane motsi za a bari ya fita, wanne za a danne.

Ki ɗauka mota ce aka tsayar a gangare, injinta na aiki. Akwai wata tasha da ake kira talamus, wadda kullum take son ingiza saman ƙwaƙwalwa ya motsa jiki. Abin da ke riƙe da ita birki ne, sunansa gulobus falidus, musamman ɓangarensa na ciki. Wannan birki a take yake dare da rana, ko mutum yana zaune shiru. Ƙafar da ke danna shi wani ɗan ƙaramin curi ne da bai kai ƙwayar wake ba, ana ce masa curin sabtalamus. Ƙofar shiga unguwar kuma ita ce sitirayatum, wadda ta ƙunshi gidaje biyu, kodet da futamen. Idan kika yi niyyar ɗaukar kofin shayi, saƙo yana shiga ta wannan ƙofa, sai ta sassauta birkin wannan motsi kaɗai, ta wata hanya kuma ta sa a ƙara danne sauran motsin da ba a bukata. Akwai na ƙarshe, can ƙasa kaɗan, wani baƙin zane da ake kira sabstanshiya naigira, ma'anarsa da Latin baƙin abu, don da ido ana ganin baƙinsa. Shi ke aika sinadarin dofamin zuwa ƙofar, dofamin kuwa shi ke sa sakin birki ya zo da sauƙi.

To, yanzu ga Baba. Wurin da aka fi sani da haddasa irin wannan wurgi shi ne curin sabtalamus. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da wannan yanki sirara ne ƙwarai, kuma shekarun hawan jini da suga suna sa bangonsu ya yi kauri har ɗaya ta toshe. Tabon da ake samu yawanci bai kai milimita 15 ba. Amma idan ya faɗa kan ƙafar da ke danna birki, birkin ya saki ke nan, talamus ta samu sarari, motsin da ba wanda ya nema ya riƙa fita. Shi ya sa wurgin yake tasowa daga kafaɗa da ƙugu, da faɗi da ƙarfi, kamar mai jifa da dutse. Likitoci na ce masa hemibalismus. Tunda hagunsa ne ke yi, tabon yana ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, domin kowane ɓangare kishiyarsa yake kula da shi. Kada ki yi mamaki idan takardar hoton ta ce futamen ko kodet maimakon sabtalamus. Tun da aka samu na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa aka gano cewa da yawa daga masu wannan wurgi tabonsu yana wani wuri ne a kan hanyar, amma sakamakon ɗaya ne: an daina danna birki.

Ki lura da shi yau da dare. Idan barci ya ɗauke shi, hannun zai kwanta. Idan baƙi suka cika ɗaki ana ta yi masa sannu, ko ransa ya ɓaci, wurgin zai ƙaru. Yana jin ki, yana amsa miki, yana ma ƙoƙarin danne hannun da ɗaya hannun ko ya zauna a kansa. Waɗannan su ke raba shi da farfaɗiya, wadda take zuwa ta wuce cikin 'yan mintoci, sau da yawa tare da gushewar hankali. Ban ga laifin 'yan'uwa da suka ce iska ba, kowa ya ga hannu yana abin da mai shi bai sa shi ba zai tsorata. A yi addu'a, a yi tofi. Abin da ba na so shi ne a danne tsoho ko a ɗaure shi da igiya, ko a rufe shi a ɗaki ana turara masa hayaƙi, alhali jininsa na sama ba wanda ya auna.

Maƙwabcinku kuwa, nasa gidan daban ne. Ƙwayoyin baƙin zanen nan ne suke mutuwa a hankali cikin shekaru, kuma kafin alama ta bayyana an riga an yi asarar kaso mai yawa daga cikinsu. Dofamin ya yi ƙaranci, ƙofa ta kasa sassauta birki, curin sabtalamus kuma ya ƙara dannawa fiye da kima. Mutum yana da ƙarfinsa, yana da niyya, amma motar ta ƙi tashi. Sai ki ga taku ya gajarta, hannu ya daina lilo in ana tafiya, fuska ta daskare, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance, ga karkarwar yatsu idan hannu yana hutawa, kamar mai jan carbi, wajen sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa. Wani likitan Landan mai suna Fakinsan ne ya bayyana cutar a 1817. Maganinta lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin. Abin da yake burge ni a nan shi ne, curin da ya lalace wa Baba, shi ne likitocin tiyata a wasu ƙasashe suke saka wa siririyar waya mai lantarki da gangan, don su rage masa ƙarfi a jikin masu Fakinsan. Bayan shekaru ana shan lebodofa kuma, wasu sukan fara murɗe-murɗe da rausaya idan maganin ya kai ƙololuwa a jini, wato sun tsallaka ɓangaren su Baba na ɗan lokaci.

Sauran gidajen ma kowanne da irin tasa. Idan ƙofar ce ta taɓu, an fi ganin ƙananan motsi masu yawo daga yatsa zuwa fuska zuwa kafaɗa, kamar mutum ya kasa zama wuri ɗaya. A yaranmu, abin da ya fi kawo shi shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi maganinsa da kyau ba: bayan makonni ko watanni garkuwar jiki ta juya kan sitirayatum, yarinya ta fara zubar da abinci, rubutunta ya lalace, a yi ta dukanta a makaranta ana cewa rawar kai ce. Irin wannan yarinya dole a duba zuciyarta, don cutar kan taɓa ta. Akwai kuma ta gado, cutar Hantintin, wadda take cinye kodet, ta zo da canjin hali da mantuwa a tsakiyar shekaru. Shi kuwa gulobus falidus, abu biyu da muke gani a ƙasar nan suna yi masa illa. Ɗaya shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, wadda ke barin yaro da murɗewar jiki, sau da yawa da rashin ji. Ɗaya kuma hayaƙin janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Mutum zai iya farfaɗowa kamar ya warke, bayan kwanaki ko makonni jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi. Nan misalin birki ya gaza, na yarda, domin bisa lissafi lalacewar birki yawan motsi ya kamata ta kawo. Wataƙila dalili shi ne gidan ɓangare biyu ne, na waje da na ciki, aikinsu kishiyar juna, kuma guba ba ta zaɓe.

Mu koma kan Baba, don akwai abin da nake so ki tambaya. Nawa sugansa yake ranar da aka kai shi? Suga da ya hau sosai ya daɗe yana iya taɓa futamen ya kawo wurgi iri ɗaya ba tare da wata jijiya ta toshe ba, kuma shi ne sanadi na biyu bayan toshewar jini. A irin wannan, sauko da suga shi ne babban magani. Sannan kada a ba shi asfirin sai likitan da ya ga hoton ya ce a ba shi, saboda wannan yanki shi ne inda hawan jini ya fi fasa jijiya, kuma asfirin a kan zubar jini ƙari ne a kan ciwo.

Yawancin masu wannan wurgi suna samun sauƙi cikin makonni zuwa 'yan watanni. Kafin nan, haɗarin yana wajen rauni da gajiya, domin tsohon da hannunsa ke aiki tun safe kamar mai sara yana ƙona ƙarfi, yana rasa ruwa. A sauke masa katifa ƙasa, a janye ta daga bango, a jera filo ta hagunsa, a naɗe gwiwar hannu da idon sawu da zane mai laushi, a riƙa ba shi ruwa akai-akai. In zai yi alwala ko zai shiga banɗaki, wani ya tsaya ta damansa. Salla kuwa ya yi ta a zaune.

Mai yiwuwa an rubuta masa halofaridol ko wani mai kama da shi. Waɗannan suna toshe dofamin ne, wato suna mayar da birki da gangan. Saboda haka idan ya yi yawa ko aka daɗe ana sha, za ki ga Baba ya fara kama da maƙwabcinku: jiki ya yi tauri, yawu na zuba, taku ya gajarta. Ba sabuwar cuta ba ce, alama ce ta a koma a rage. Kada ku ƙara da kanku, kada ku ci gaba da sayensa a kemis bayan wurgin ya lafa, likita ne zai janye shi sannu a hankali.

Idan kuwa kika ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannun da ke wurgi ya saki ya yi laƙwas, ko barci mai nauyi ya kama shi da rana, ku ɗauke shi a lokacin, ko tsakar dare ne. Hanyar da ke kai umarnin ƙarfi zuwa hannu da ƙafa tana wucewa ne daf da wannan unguwa, kuma waɗannan alamu na nufin ita ma ta taɓu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi muku nisa daga Tudun Wada ba. Ku tafi da hoton farko da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu.