Zaren da zai ɓuya a jikin atamfa mai launuka masu kama da juna

«Assalamu alaikum manyanmu. An kawo min atamfa in ɗinka riga da siket, shuɗi kala huɗu ne a jikinta, daga mai duhu kamar shuni har mai haske, ga ɗan kore jefi-jefi. Na sayo zare biyu, duk wanda na ɗora sai in ga ya fito fili. Wane kala zan bi?»

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki daina neman zaren da zai yi daidai da shuɗi huɗun nan gaba ɗaya, babu shi a kasuwa. Abin da za ki nema shi ne zaren da ido zai wuce ta kansa bai tsaya ba, kuma wannan yakan kasance na tsaka-tsaki ne, wanda ya ɗan karkata wajen duhu.

Ina zaton yadda kika zaɓi biyun nan shi ne kin ɗora dunƙulen zaren a kan atamfar kin duba. Kusan kowa haka yake farawa, ni ma haka na yi shekaru. Amma zare a naɗe ya fi silinsa ɗaya duhu da ƙarfin launi, domin sili ɗaruruwa ne a kan juna. Da zarar kin ɗinka, sili ɗaya ne ke kwance a kan yadin, sai ki ga ya yi haske fiye da yadda kika gani a shago. Saboda haka ki warware kamar kamu ɗaya na zaren, ki shimfiɗa silin a kan atamfar ya ratsa duk launukan, ki ja da baya taku biyu ko uku, sannan ki duba. Idan kina da zare uku da kike wasi-wasi a kansu, ki jera silinsu kusa da juna. Wanda kika fi shan wahalar ganowa daga nesa, shi ne naki.

Dalilin da ya sa nake cewa a karkata wajen duhu: kowace atamfa tana da inuwa a cikin zanenta, ga layukan da suka zagaye fure, ga jijiyoyin nan sirara da ake gani a jikin mai kyau. Zare mai ɗan duhu idan ya bi ta kan wuri mai haske, ido yakan ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin layukan zanen ne. Mai haske kuwa idan ya hau kan wuri mai duhu, kowane taku na allura sai ya fito kamar an jera tsabar shinkafa. Kada dai ki zarce ki ɗauko mafi duhun duka, balle baƙi, sai fa idan ƙasan atamfar baƙi ne.

Bari in ba ki labarin wata da na ɗinka mai kama da taki. Ƙasanta shuɗi ne mai duhu, furanninta ruwan bula, ganyen kuma wani shuɗi mai sirkin kore, da ɗigo-ɗigon fari. Furen ne ya fi ɗaukar ido, sai na sayi zare kalar furen. Da na yi kalmasar siket ɗin, na ɗaga shi, sai ga layi fayau ya zagaye shi, domin gefen da kalmasar ta faɗa kusan duk ƙasan atamfar ne mai duhu, furen sau huɗu ko biyar kawai ya gitta. Zama na yi na warware ta kaf, kuma atamfa tana riƙe ramin allura, sai da na yayyafa ruwa na goge kafin sawun ya lafa. Na koma na ɗauko shuɗi na biyu daga wajen duhu, wanda bai cika ƙarfin launi ba, kamar an ɗan sirka shi da ruwan toka. Shi ne ya ɓace, a kan ƙasan da kan ganyen duka, a kan furen ma ba ya damun ido.

Tun daga ranar ba na zaɓar zare sai na yanka yadin. Launin da ya fi yawa a turmin gaba ɗaya ba lallai ne ya zama shi ne a inda allura za ta bi ba. Ki duba bakin siket, bakin hannu, wuya da wajen zik, domin nan ne ɗinki ke fitowa waje. Ɗinkin haɗi na ciki ba ya ganuwa, kowane shuɗi na tsakiya zai yi miki. Idan kuma kika ga ɗigon zare yana leƙowa a haɗin in an ja shi, wannan ba laifin kala ba ne, ɗaurin zaren keken ne ya yi sako-sako, shi za ki gyara. Kuma ba laifi ba ne riga ɗaya ta ci zare kala biyu: wuya da nasa, bakin siket da nasa. Sauya zare minti ɗaya ne.

Sai maganar haske. A cikin kasuwa, rumfuna da yawa ƙwan lantarki ne ko hasken da ya ratso ta tamfol mai launi, kuma shuɗi da kore suna yaudarar ido a irin wannan wuri. Ki tafi da ƙyallen atamfar da ya ƙunshi duk launukan, ki roƙi mai shago ki fito da zaren bakin ƙofa, ki duba da rana, amma a cikin inuwa. Ba cikin tsakiyar rana ba, domin ƙyallin sabuwar atamfa zai kashe miki ido. Kada ki dogara da hoton da aka turo miki ta waya, na sha ganin shuɗi ya koma kamar kore a ciki. Amfanin waya ɗaya ne a nan: ki ɗauki hoton silin a kan yadin, ki mayar da shi baƙi da fari. Nan take za ki ga wanne ya yi haske da yawa, wanne ya yi duhu da yawa.

Ki lura da irin zaren ma. Zaren aiki mai sheƙi, wanda ake yin ado da shi a wuyan riga, yana mayar da haske, ko da kalarsa ta dace sai ya fito. Na ɗinki marar sheƙi za ki saya. Kuma ki tuna atamfa auduga ce, wanki yana rage mata ƙyalli da ƙarfin launi, zaren foliyesta kuwa ba ya saurin koɗewa. In kin zaɓi mai tsananin launi, bayan wanki biyar ko shida shi kaɗai zai rage yana haska. Ni nakan wanke ɗan ƙyalle da sabulu, ya bushe, in gwada silin a kansa da kan wanda ba a wanke ba.

Kafin ki taɓa kayan mutane, ki ninka ƙyallen nan biyu kamar kalmasa, ki yi layi da kowane zare, ki sa irinsa a kwarkwaro don kada na ƙasa ya leƙo da wata kala, ki goge, ki rataye shi a jikin ƙofa ki duba daga nesa. In kin yi, ki ɗauko hoton ƙyallen da layukan a hasken rana ki sa mana a nan, tare da biyun da kika riga kika saya, wataƙila ɗayansu zai yi miki ɗinkin ciki ba sai kin yi asararsa ba.