Ledar burodin da ba tamu ba

"Maigida, wani mai gidan burodi ya turo mini hoton ledar wani gidan ta WhatsApp, wai in goge tambarinsu da sunansu in sa nasa. Aikin minti goma ne. In yi masa?"

Dakata tukuna, ɗana. Ka fara tambayarsa wa ya zana. Ba sai ka kai ga tuhumarsa ba, ce masa kawai ya turo maka asalin fayil ɗin, `.cdr` ko `.psd`. Wanda ya biya aka yi masa aiki yakan sami fayil ɗin, ko aƙalla ya san shagon da aka yi, ya ba ka lamba. Wanda kuwa ya ɗauki hoton leda a kan teburin mai shayi, sai ka ji ya fara kame-kame. Ka kuma ja hoton ya girma ka duba can ƙasa, wajen ɗinkin ledar. Mu masu zane mukan bar ɗan suna ko lambar waya a nan.

Abin da yawancin kwastomomi ba su sani ba, zane yana da mai shi tun ranar da aka gama shi, ko an yi rajista ko ba a yi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce haƙƙin na wanda ya zana ne da farko, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Sallama haƙƙin gaba ɗaya kuma sai a rubuce. Ka ga ke nan ko gidan burodin da ya biya kuɗin aikin, galibi izinin amfani ya saya, bai sayi zanen kansa ba. To ina ga maƙwabcinsa da bai biya ko sisi ba?

Za ka ji yara a kasuwa suna cewa in ka canza launi, ko ka sauya kashi talatin cikin ɗari, ya zama naka. Babu wannan a doka. Abin da ake dubawa shi ne ko ka kwashi muhimmin ɓangaren aikin wani. In zangarniyar alkamar nan da aka zana da hannu da tsarin rubutun suna nan daram, sauya suna bai wanke ka ba. Dabarar sa alkama da burodi a leda dai ba ta kowa ba ce, kowa na iya zana tasa.

Ledar burodi ma tana da wata ƙaya ta daban. Lambar NAFDAC da ke jiki ta wancan burodin ce shi kaɗai. Ina saurayi na taɓa yin irin wannan aiki, na goge suna na manta lamba da adireshi a gefe. Sai da aka buga leda aka kai shaguna, masu asalin lambar suka gani. Kwastoman nan take ya ce ai mai zane ne ya yi, ni na biya kuɗin sake bugawa daga aljihuna. Ko da ka goge lambar, in ledar ta yi kama da tasu har mai saye ya ɗauka burodinsu ne, suna da damar kai ƙara a kan haka.

Ba kullum ake ƙin aikin ba fa. In zanen nasa ne, shi ya sa aka yi masa, yanzu ya canza lambar waya ko farashi, wannan gyaran yau da kullum ne, yi masa. In kuwa zai mayar da shi na wani sabon kamfani, kira mai zanen. Sau da yawa ɗan kuɗi kaɗan zai nema, ya turo maka fayil mai tsabta, ka huta da share hoto mai dishi-dishi. Ka sa ya rubuto maka amincewarsa ko a saƙon waya ne, ya faɗi wane zane, don wane kamfani, ka ajiye tare da fayil ɗin. Sa hannunsa na ƙasan nan kuma kada ka goge ka sa namu, sai da yardarsa. Samfurin da ke manhajar zane ta Canva an yi shi ne don a sauya rubutu, ba laifi, amma sharaɗinsu ya hana ka ɗauki hotunansu na ajiya ka mai da su tambarin kasuwanci na wani.

Shi wannan mutumin, kira shi yanzu. Ce masa za mu zana masa tasa sabuwa, ya turo sunan gidan, adireshi, da takardar NAFDAC ɗinsa don mu kwafi lambar daidai. Launin ma ka kauce wa na maƙwabcin nasa. In ya dage sai waccan ledar, turo mini shi.